Wasiƙar da zan ba iyayen ɗalibina kan sakamakon gwajinsa: ku duba min ita

MalamarAji3

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da aji uku a wata firamare, kuma akwai wani ɗalibina ɗan shekara tara da ya maimaita aji na biyu sau ɗaya amma har yanzu bai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta kalma ba. Yana ƙirga zuwa hamsin da yatsu, in aka aike shi da ɗari biyu ya sayo abin ɗari da hamsin bai san nawa ne canjinsa ba. Yaro ne mai ladabi, ba ya faɗa, shi ne kullum mai share allo. Mun ba iyayen shawara suka kai shi asibiti, masanin halayyar yara ya gwada shi, aka ba su rahoto shafi huɗu da Turanci. Mahaifin ya kawo min ya ce, "Malama, ki faɗa min da Hausa abin da ke ciki, ki rubuta min don in nuna wa mahaifiyarsa da kakarsa."

Abin da rahoton ya ƙunsa: a gwajin WISC-V, wanda ke auna kaifin fahimtar yara, ya samu 63, an rubuta cewa makinsa na gaskiya yana tsakanin 59 da 69. A gwajin Vineland, wanda aka yi ta hanyar yi wa mahaifiyar tambayoyi kan abin da yake iya yi wa kansa, ya samu 66. A ƙarshe aka rubuta cewa yana da raunin fahimta a mataki mafi sauƙi, da lamba F70 da likitoci ke ba wannan mataki. Ga abin da na fara rubutawa:

"Zuwa ga iyayen ɗalibinmu. Bayan gaisuwa, sakamakon gwaji ya nuna ɗanku yana da ɗan jinkiri wajen koyo. Kada hankalinku ya tashi, ba wani babban abu ba ne. In aka dage da addu'a da lasin, in sha Allahu zai kamo sa'o'insa."

Ban gamsu da ita ba. Me ya kamata in ƙara, me zan cire? Na ɓoye suna da duk abin da zai sa a gane yaron.

Ummu_Sadiq

Wa alaikumus salam Malama. Ni dai na ga ta yi daidai, ta kwantar da hankali. Uwa ba ta buƙatar a tsorata ta. Allah Ya ba shi lafiya.

MaiGwajinYara

Malama sannu da ƙoƙari. Aikina ke nan, irin wannan gwajin, don haka bari in tsaya a kan jimlar ƙarshe, domin ita ce za ta kawo matsala. "Zai kamo sa'o'insa" alkawari ne da rahoton bai yi ba. Yaron da aka tabbatar yana da wannan raunin zai ci gaba da koyo har tsufansa, amma a karatun boko tazarar da ke tsakaninsa da 'yan ajinsa takan ƙara fitowa ne yayin da darasi ke ƙara wuya, ba raguwa take ba. In kin ce musu zai kamo, bayan shekara biyu su ga bai kamo ba, ɗaya daga cikin biyu za su ɗauka: ko makaranta ce ta gaza, ko yaron ne malalaci. Na biyun shi ya fi faruwa, kuma ƙarshensa bulala ce.

Akwai fata na gaskiya da za ki iya rubutawa ba tare da kin ƙara gishiri ba. Mafi yawan masu raunin fahimta, kusan 85 cikin ɗari, a wannan mataki mai sauƙi suke. Da yawa daga cikinsu, in sun samu koyarwar da ta dace, sukan kai ga karatu da lissafi irin na ƙarshen firamare, su koyi sana'a, su yi aure, su riƙe gida. Inda sukan buƙaci a tsaya musu shi ne manyan shawarwari: kuɗi masu yawa, takardun da za a sa hannu, maganar asibiti. Wannan shi ne za ki faɗa musu, domin gaskiya ne kuma ya isa ya kwantar da hankali.

Ummu_Sadiq

To ni ban san haka abin yake ba. Na ɗauka irin yaran nan ne da ba sa magana, ba sa kallon mutum a ido. Ɗan maƙwabciyarmu haka yake, ana ta yi masa ruƙya.

MaiGwajinYara

Hajiya wannan da kika bayyana ya fi kama da wata larura daban, kodayake akan samu yaro da duka biyun. Ki ba maƙwabciyarki shawara ta kai shi sashen yara na babban asibiti, addu'a ba ta hana a duba shi. Yaron Malama yana magana, yana wasa da yara, abin da ke yi masa wuya shi ne saurin ɗaukar sabon abu, riƙe shi, da amfani da shi a wani wuri daban.

TsohonHedimasta

'Yata, kafin a zo ga abin da za a rubuta, ni ina da ja a kan wasiƙar kanta. Irin wannan labari ba a aika shi a jakar yaro. Ki zauna da uba da uwa, a ofis ko a gidansu, ki yi musu bayani baki da baki, su yi tambaya, wanda zai yi kuka ya yi, sannan ki miƙa musu takardar su tafi da ita. Takarda amfaninta shi ne bayan sun koma gida, don abin da aka faɗa wa mutum a lokacin firgici rabinsa ba ya zama a kai. Kuma kada yaron ya kasance a ɗakin. Na biyu, ki kira wanda ya yi gwajin ki karanta masa abin da kika rubuta kafin ki bayar. Ke malama ce, ba ke kika yanke sakamakon ba, kada gobe a ce makaranta ce ta ce.

MalamarAji3

Baba na gode. Mahaifin ya amince in kira mai gwajin, lambarsa na jikin rahoton. Zama kuma za mu yi da su ranar Alhamis bayan an tashi.

Abu_Yusra

Ni tambayata a kan gwajin ce. An yi wa yaron da Turanci ne ko da Hausa? Yaron da a gida ba ya jin komai sai Hausa, a ba shi tambayoyin da aka tsara wa yaran Amurka, sannan a ce yana da rauni? Ai ko ni aka gwada da Sinanci sifili zan ci. A ganina a jefar da wannan 63 ɗin gaba ɗaya, a ce wa iyayen lafiyar ɗansu ƙalau.

MaiGwajinYara

Malam Abu Yusra, rabin maganarka gaskiya ce kuma mu ma tana damunmu. An daidaita makin WISC-V ne a kan yaran wata ƙasa, kuma ɓangarensa na kalmomi yana zaluntar yaron da Turanci ba harshensa ba ne. Shi ya sa mai gwajin da ya san aikinsa yake fassara umarni, ya fi dogara da ɓangarorin da ba sa buƙatar harshe, kamar jera tubala su yi daidai da hoto, ko ya ƙara da gwajin Raven na zane-zane. Malama, wannan tana cikin tambayoyin da za ki yi masa: da wane harshe aka yi, kuma makin ɓangaren da ba na magana ba nawa ne? In na magana ya faɗi ƙasa sosai amma na zane yana wajen 85 ko 90, to lallai akwai alamar tambaya a kan sakamakon.

Amma ba a yanke wannan hukunci da lamba ɗaya. Sai abu uku sun haɗu: makin gwaji ya kasance wajen 70 ko ƙasa, yaron ya gaza sa'o'insa a harkokin yau da kullum, kuma abin ya fara tun yana ƙarami. Na biyun ba ruwansa da Turanci. Tambaya ce irin: yana iya zuwa aike ya dawo da abin da aka ce? Ya san kwanakin mako? Yana gane in yara suna yi masa wayo? A nan ya samu 66, kuma Malama ta faɗi maganar canji. Ɗan shekara tara a unguwanninmu da bai taɓa shiga aji ba ma yana lissafin canjin ɗari biyu. Don haka ba zan ce a jefar ba.

Abu_Yusra

Na ji, amma har yanzu ni ban yarda a rubuta wa iyaye lambar ba. Lamba takan manne wa yaro. Gobe ƙaninsa ya ji, ya zama abin tsokana.

Nas_Rabi

Ina goyon bayan Abu Yusra a nan. Kuma Malama, abin da ban ga kowa ya ambata ba: an gwada jinsa da ganinsa? Yara nawa muke gani da kunne ya daɗe yana zubar ruwa, suna zaune a bayan aji ba sa jin rabin abin da malami yake faɗa, a ce daƙiƙai ne. Ko da raunin fahimtar gaskiya ne, in akwai matsalar kunne a kai to wahalar ta ninka, kuma ita kunne ana iya yi mata wani abu. Sannan a tambayi uwar ko yakan yi shiru ya ƙafe ido na ɗan lokaci kamar ba ya nan. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ta riƙa ɗauke masa hankali na daƙiƙoƙi sau da yawa a rana, kuma tana jin magani.

MalamarAji3

Sista, rahoton ya ce a yi gwajin ji amma ba a yi ba tukuna. Ya kuma ambaci cewa ya yi ciwon shawara mai tsanani a makon haihuwarsa, kuma ya yi jijjiga da zazzaɓi yana ɗan shekara biyu har aka kwantar da shi.

LikitanYara_KD

To wannan ya sa gwajin ji ya zama na farko a jerin. Shawara mai tsanani a jariri tana iya taɓa ji, haka ma sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai shi ma yakan bar rauni a koyo. Amma Malama, kada ki rubuta "abin da ya jawo shi ne kaza". A mataki mai sauƙi, sau da yawa ko mu ba ma gano dalili guda da za mu nuna da yatsa. In kin rubuta shawara ce, uwar za ta kwana tana lissafin ranar da ta makara ba ta kai shi asibiti ba, dangin miji kuma su samu abin faɗa. Ki rubuta cewa likita ne zai duba dalili, kuma ba sakacin kowa ba ne.

Abin da nakan duba in an kawo min irin wannan yaro: tsayinsa da nauyinsa da girman kansa, ko yana da ƙarancin jini, ko akwai alamar maƙoƙo ko ƙarancin aikin wannan ƙwayar ta wuya, ko mai sikila ne, domin sikila tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga shanyewar jiki ba. Nakan kuma tambayi inda iyali suke zaune da sana'arsu. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, ya san dalili. Dalma tana rage kaifin fahimta ko da ba ta kai ga kisa ba. In gidan ana narka batir ko ana harkar ma'adinai, sai a auna jinin yaron da na ƙannensa.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙo a sa shi a wasiƙar da manyan baƙi: babu ƙwaya ko sirof ko allura da ke ƙara wannan makin. Ana sayar wa iyaye "maganin ƙwaƙwalwa" da tsada, kuɗin da ya kamata a biya mai koya masa karatu da yamma.

BabanKhalifa

Ni uba ne, ɗana yanzu ya haura ashirin, kuma irin wannan sakamakon aka ba mu yana ƙarami. Bari in faɗa muku abin da ya fi yi min ciwo. Wanda ya yi mana bayani ya ce "ƙwaƙwalwarsa ta ɗan shekara shida ce". Wannan jimlar ta zauna a gidanmu shekaru. Mahaifiyarsa ta riƙa yi masa wanka har ya girma, ba a aikensa, ba a barinsa ya fita, wai ai yaro ne. Sai da ƙanina ya ɗauke shi zuwa shagonsa na gyaran keke muka ga abin da zai iya. Yau yana facin taya, yana gyaran babur, yana ciyar da kansa. Lissafin kuɗin shago ƙanina ne yake duba masa duk Juma'a, domin an sha cutarsa a wajen bashi.

Don haka Malama, don Allah kada ki rubuta shekarun ƙwaƙwalwa. Amma lambar, ni na saɓa da Abu Yusra da Sista. Ki rubuta ta. Tana cikin rahoton da ke hannunsu, wani ɗan boko a dangi zai karanta musu ita ko ba jima, kuma zai yi musu mummunar fassara. Mu wani ya ce mana ai ɗanmu "ya ci sittin cikin ɗari, ya ma yi ƙoƙari". Gara su ji daga bakinki.

MaiGwajinYara

Baban Khalifa ya taɓo kuskuren da aka fi yi. 63 ba 63 cikin ɗari ba ne. An tsara gwajin ne yadda matsakaicin yaro zai samu 100, yawancin yara suna tsakanin 85 da 115, kuma kimanin biyu cikin ɗari ne suke ƙasa da 70. In za a rubuta lambar, a rubuta ta da wannan bayanin, kuma a ce "tsakanin 59 da 69", domin yaro ɗaya in aka gwada shi ranar da bai yi barci ba da ranar da ya ƙoshi, makin zai ɗan motsa. In ba za a yi bayanin ba, gara a bar ta.

Hajiya_Talatu

Wane suna za ki kira abin da shi? Ki yi hattara da kalmar "hankali". Da kakar ta ji "raunin hankali" ko "asibitin ƙwaƙwalwa", taɓin hankali za ta fahimta, daga nan sai gidan mai magani. Ki faɗa ƙarara a takardar cewa ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba ya yaɗuwa.

Dan_Maradi

Gaisuwa daga Nijar. Ni ma malamin lakwal ne. Tambayata ga manya: a sake maimaita masa ajin ko a wuce da shi? A wajenmu akan bar yaro ya yi ta zama a aji ɗaya har ya fi kowa tsawo, sai ya ji kunya ya daina zuwa. Ni ina ganin a wuce da shi tare da sa'o'insa, a ba shi aikin da ya dace da shi.

TsohonHedimasta

Malam, a takarda maganarka daidai ce. Amma ajin da ke da yara saba'in ko tamanin, wa zai ba shi aikin da ya dace da shi? Zai zauna a aji huɗu yana kwafar allo bai san me yake kwafa ba. Ni in malamar da ta damu da shi tana aji uku, na fi son ya ƙara shekara a hannunta.

Dan_Maradi

Baba ai ya riga ya maimaita sau ɗaya, kuma Malama ta ce bai canza komai ba. Hanyar da aka bi ba ta yi aiki ba, sake bin ta ba zai sa ta yi ba.

MalamaBinta_IliminMusamman

Ni na karanta ilimin masu buƙata ta musamman, ina aiki da irin waɗannan yara. Maganar maimaita aji ku bar ta daga wasiƙar, a yanke ta a ƙarshen shekara in an ga yadda ya tafi. Abin da wasiƙar ke buƙata shi ne aiki kaɗan da za a iya aunawa. "A dage da lasin" ba umarni ba ne, domin mai lasin zai zo ya maimaita abin da aka yi a aji da sauri iri ɗaya.

Ga yadda zan tsara wa wannan yaron zango ɗaya. Karatu da Hausa za a fara, ba Turanci ba, domin Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa. A ɗauki baƙi biyu ko uku a mako, a haɗa su da wasali: ba, bi, bu, ka, ki, ku. Da ya riƙe su sai a shiga kalmomi masu gaɓa biyu da ya sani: baba, kaka, gida, ruwa. Buri a ƙarshen zango kalma ashirin da zai karanta shi kaɗai. Lissafi kuma da kuɗin gaske: takardar hamsin, ɗari, ɗari biyu. Uwar ta zama mai shago, ya saya, ya karɓi canji, sannan a aike shi shagon unguwa da abu ɗaya tak. Wannan fitar tana da muhimmanci, domin irin waɗannan yara sukan iya abu a kan tabarma, su je wani wuri ya ɓace musu. Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Yadda za a gane ana kan hanya: in ya yi daidai sau huɗu cikin biyar, kwana uku a jere, a ƙara mataki. In mako biyu sun wuce yana nan, matakin ne ya yi girma, a raba shi biyu, ba murya za a ɗaga ba. Kuma umarni ɗaya a lokaci ɗaya. "Ɗauko buta, ka rufe ƙofa, ka kira Yaya" uku ne, zai riƙe na farko ko na ƙarshe, a ce masa mai taurin kai.

Ummu_Sadiq

Islamiyya fa? Kada a ce ba zai iya karatun Alƙur'ani ba.

MalamaBinta_IliminMusamman

Zai iya Hajiya, da yawansu suna riƙe gajerun surori sosai ta hanyar maimaitawa da sauraro. Aya ɗaya ko biyu a rana. Abin da ake buƙata mahaifin ya je da kansa ya yi wa malamin Islamiyyar bayani don kada a dake shi a kan hadda. Alwala ma haka, gaɓa-gaɓa, a yi tare da shi har ta zauna.

MalamarAji3

Na gode muku duka. Na yi magana da mai gwajin. Ya ce da Hausa ya ba da umarni, kuma makin ɓangaren zane bai yi nisa da sauran ba, duk a cikin sittin da wani abu suke. Ga sabuwar wasiƙar:

"Assalamu alaikum. Wannan bayani ne kan rahoton gwajin da aka yi wa ɗanku, kamar yadda kuka nema.

Ɗanku yaro ne mai ladabi da son taimako, yana riƙe abin da aka nuna masa da hannu fiye da abin da aka faɗa masa da baki. Gwajin ya nuna yana da raunin fahimta a mataki mafi sauƙi. Ma'anarsa, yana koyo amma a hankali fiye da sa'o'insa, yana buƙatar a maimaita masa sau da yawa, kuma a raba masa aiki ƙanana-ƙanana. Wannan ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba taurin kai ba ne, kuma ba laifin uwa ko uba ba ne.

A rahoton za ku ga lamba 63. Ba maki ne cikin ɗari irin na jarrabawa ba. Matsakaicin yaro yana samun 100, shi kuma nasa yana tsakanin 59 da 69. Lambar tana nuna irin taimakon da yake buƙata a karatu, ba ta auna halinsa ko abin da zai iya da hannunsa ba.

Gaskiyar magana, wannan yanayi ba ya tafiya da magani, kuma karatun boko zai ci gaba da yi masa wuya fiye da 'yan ajinsa. Amma yara da yawa irinsa suna iya karatu da lissafin da ake buƙata a rayuwa, suna koyon sana'a, suna riƙe kansu da iyalinsu, tare da wani na kusa da ke duba musu manyan al'amura. Wannan shi ne abin da muke fata kuma za mu yi aiki a kai, da yardar Allah.

Abin da muke roƙonku: cikin wannan wata ku koma asibiti a gwada jinsa da ganinsa, likitan yara ya duba shi. Kada ku sayi maganin ƙara ƙwaƙwalwa. Kullum bayan la'asar a zauna da shi minti goma sha biyar da katin kalmomin da zan riƙa aikowa, da wasan saye da sayarwa da kuɗi na gaske. A riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a bar shi ya yi wanka da shiri da ƙananan aike da kansa. A daina dukansa a kan karatu, a gida da Islamiyya.

Abin da makaranta za ta yi: zan dawo da shi layin gaba, in ba shi aikin da ya dace da matakinsa, in ware masa lokaci sau uku a mako. Burinmu a wannan zango ya karanta kalmomin Hausa ashirin, ya iya canjin kuɗi zuwa ɗari biyu. Za mu sake zama da ku a makon ƙarshe na zango mu ga inda aka kai. Wannan takarda taku ce, ba za mu nuna wa kowa ba sai da izininku."

BabanKhalifa

Malama, da irin wannan aka ba mu da mun rage shekarun wahala. Abu ɗaya zan ƙara: a koya masa cewa kada ya bi wanda bai sani ba, kada ya ba kowa kuɗi ko ya karɓi saƙon da ba daga gida ba, kuma ba wanda ke da ikon taɓa jikinsa. Yaranmu suna da saurin yarda da mutane, kuma mugaye sun san haka.

Hajiya_Talatu

Wannan sakin layin na "ba ya tafiya da magani" ya yi min nauyi. Ba za a ɗan sassauta ba? Ina tunanin uwar.

LikitanYara_KD

Hajiya na fahimce ki, amma a bar shi. In aka cire, gonar gado za ta iya tafiya a neman maganin da babu. Ya zo ne tare da abin da yaron zai iya, kuma Malama za ta kasance a zaune da ita lokacin da za ta ji.

Lauya_Sani

Ƙari kaɗan. Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda larurarsa, ilimi na ciki. Iyayen su adana rahoton da kyau, su yi kwafi. In wata makaranta ta ce ba za ta ɗauke shi ba saboda shi, su san suna da abin faɗa.

TsohonHedimasta

Shi ya sa nake cewa ainihin rahoton ya zauna a hannun uba, kada a saka shi a fayil ɗin da kowane malami ke buɗewa. 'Yata, wannan alkawarin na sau uku a mako, ki tabbata hedimastanku ya san da shi ya rage miki wani aikin, kada ki rubuta abin da ba za ki iya cikawa ba.

Abu_Yusra

Wasiƙar ta yi kyau, amma ina nan a kan bakana game da lambar. Kuma ina so a ƙara cewa za a sake gwajin. Yaushe ya kamata?

MaiGwajinYara

Ba a cika sake gwaji iri ɗaya kafin shekara ta zagayo ba, domin yaron yakan tuna wasu tambayoyin sai makin ya hau ba don wani abu ya canza ba. Bayan shekara biyu ko uku, ko kafin ya bar firamare, ya dace. Sai dai in gwajin ji ya nuna matsala, to bayan an gyara kuma ya ɗan jima yana ji sosai, a koma wa mai gwajin ya sake duba hukuncin gaba ɗaya. Malama, ki saka wannan a jimla ɗaya.

MalamarAji3

Zan saka, da maganar Baban Khalifa ta tsaro. Batun lambar zan tambayi mahaifin kafin zaman, in yana so a bar ta a kwafin da zai nuna wa kakar ko a cire. Wata tambaya ta taso min yanzu: shi yaron me za a ce masa? Ya san an kai shi asibiti an yi masa tambayoyi, jiya ya tambaye ni ko ya ci jarrabawar.

MalamaBinta_IliminMusamman

Ki ce masa ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, an duba ne a ga hanyar da ta fi masa sauƙin koyo, kuma an gano ya fi ganewa in an nuna masa a hankali, don haka za ku riƙa yin haka. A shekarunsa wannan ya isa. Amma ki fara shawara da iyayen ranar Alhamis, domin abin da zai ji a makaranta da na gida su zama ɗaya.